Laraba ta uku da ƙafata

A shekarun da nake kula da gandun maigidana a Kucheri, jirgin ƙasa bai iso Gusau ba tukuna. Fatu da gyaɗa duk a bayan jaki suke tafiya, kuma wanda aka ba jagorancin ayarin maigida ya gama da fartanya ke nan. Ni kuwa na tsani fartanya. Da tsohon jagora ya rasu ana tsakiyar damina, sai maigida ya aiko daga Gusau cewa in zo ranar Laraba yana son ganina. Kowa ya san maganar da za a yi. Kowa kuma ya san akwai wani mutumin Bungudu, mai doguwar ƙafa da dogon baki, da ke zarya a zauren maigida saboda wannan aiki.

Ranar da saƙon ya zo, kwana biyu ke nan da kurkunu ya fasa mini a idon sawu. Wanzami ya kamo kansa ya naɗe a tsinke, kullum da safe a jiƙa wurin a ja ɗan kaɗan. Ya ce in na kuskura na yi tafiya ya tsinke a ciki, ƙafar za ta kumbura har gwiwa, wataƙila ma in tashi da ɗingishi. Daga Kucheri zuwa Gusau sai an kwana a hanya. Kuma wa zai ba mai ciwon ƙafa jagorancin ayari? Na hana kowa a gidan ya furta sunan ciwon.

Ba a ɗaga wa maigida rana haka kawai. Shi ke sa rana, kai naka ka roƙa ya sake sa wata. Saƙonka ya riga ranar isa, ba bayan ta wuce ba. Ba ka aika bare, sai ɗan uwanka na jini, kuma ba ya zuwa hannu biyu. Ɗan uwan da nake da shi a gandu shi ne yayana, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya girme ni da shekara bakwai amma a ƙarƙashina yake noma, yana da 'yar gayaunarsa da maigida ya yankar masa, da mata da 'ya'ya huɗu. Mutum ne mai sanyin hali, irin sanyin da ke ba ni haushi. Ko akuya ta ci masa dawa sai ya ba ta haƙuri.

Karo na farko na ba shi zabi biyu, na ce ya ce ruwa ya cinye mana gefen gona, ina tsaye kan gyara. Ya je ya dawo da sabuwar Laraba, bayan mako biyu. Karo na biyu na ba shi ƙwaryar man shanu, na ce ya ce shanun Fulani sun shiga gandu, muna gaban mai gari. Wannan ma ya karɓu, sai dai yaya ya ce maigida bai dubi man ba. Maigida ya ce kawai, "Laraba ta sama. Ka hwaɗa mai wagga ita ta ta ƙarshe."

Larabar ta matso, tsinken bai ko yi nauyi ba. Wanzami ya ce a ba shi kwana goma sha biyar. Na zauna na duba abin da ya rage mini. Uzuri na uku, ko na gaskiya ne, sunansa ƙarya. Mutum mai uzuri uku ba a ba shi amanar jakuna arba'in. Abin da nake bukata shi ne laifin ya zama ba nawa ba. Na bari Larabar ta wuce ban aika kowa ba, ranar Alhamis na kira yaya ɗakina.

Na ce, "Yaya, za ka koma. Ka ce da ka taso daga Gusau sai ka tsaya Tsafe wurin surukanka, ba ka iso da saƙo ba sai da rana ta wuce. Ka ce ni ban san anka sa rana ba, da nij ji har kuka na yi."

Ya daɗe yana kallon ƙafata. Ya ce, "Ai ban tsaya ba."

"Na san ba ka tsaya ba. Faɗa za shi yi maka, shi ke nan. In na samu ayari, ai kai ka riƙe gandu."

Ban yi niyyar ba shi gandun ba ko a lokacin da nake faɗa, na riga na yi wa ƙanin matata alkawari. Ya ɗauki gorarsa ya tafi, ban ba shi ko zabuwa ɗaya ba, don mai laifi ba ya zuwa da kyauta.

Bayan kwana huɗu ya dawo ba hula. Maigida ya sa an tsugunar da shi a rana a ƙofar zaure tun hantsi har la'asar, barori na wucewa suna tambayarsa lafiyar surukai, wani ya ɗauke hular ya ɗora wa jaki. Amma ya zo mini da rana, Laraba bayan mako uku. Da na ji haka daɗi ya kama ni, kuma ban ɓoye ba. Na tuna na yi dariya da ya kai labarin wurin jakin.

Kurkunun ya fita kwana shida kafin ranar. Na hau jaki har bakin Gusau, na sauka na sa dogon wando, na shiga zaure ina taka ƙafar da ƙarfi, zafi na hawa mini har ka. Na faɗi na yi gaisuwa, na fara ba da haƙuri kan sakarcin yayana.

Maigida ya ɗaga hannu. "Miƙe ƙahwar, kar ka zauna bisa gare ta. Wanzaminka na yi ma wani barana aski ran kasuwar Tsafe. Tun Larabar farko na sani."

Na ce, "Ranka shi daɗe..."

"Da ka aiko ka ce kurkunu na, da na jira ka, wa bai yi shi ba? Amma na so in ga iyakarka. Na tambayi yayanka sau ukku ko ya tsaya Tsafe, sau ukku ya ce ya tsaya. Ayari naka na. Hanya na son mutumin da zai iya barin jaki mai ciwo a daji bai waiwaya ba."

Na yi godiya, goshina a ƙasa. Sai na yi ƙarfin hali na ce, tunda maigida ya san gaskiya, ko a yafe wa yaya.

Ya ce, "Mi zan yahe? Ya dubi idona ya yi min ƙarya. Kai aike ka yi, shi ya hwaɗa. Ba ni aje shi ga ganduna. Shi girbe abin da ya shuka shi tashi. Kai za ka hwaɗa mai, shi na aikinka na farko."

Na same shi a gayaunarsa yana karyar gero, matarsa na ɗaure dami. Na faɗa masa a tsaye, da irin muryar da maigida ya faɗa mini, don na ga in na sassauta ba zan iya ƙarasawa ba. Ya ajiye abin da ke hannunsa, ya tambaye ni ko ni an ba ni aikin. Na ce an ba ni. Ya ce madalla, ya sunkuya ya ci gaba. Matarsa ce ta tofa yawu kusa da ƙafata.

Bayan girbi suka kwashe suka koma wajen Kekun Waje, kan hanyar Bungudu, inda ya riƙa yin ƙwadago a gonakin mutane har ƙarfinsa ya ƙare. Na yi shekara tara ina jan ayari, hanyar Bungudu kuwa na bi ta ba adadi. Sau biyu ya aiko cewa yana son ganina. Duka biyun na aika masa cewa ya sa wata rana, kuma bai sake aikowa ba.