Tasha ta Ɗari da Ashirin da Shida

Muttaka Suleiman mutum ne da Allah ya hore wa kunne, ya kuma hana shi sa'ar shugabanni. A Tudun Wada aka haife shi, a gidan da kakansa ya gina da fanshon reluwe, kuma tun yana yaro babu rediyon da ta shiga gidan ta fita da hanjinta cikakke. Ya yi difloma a fannin lantarki, ya buɗe shagon gyara a Limawa, shagon ya rufe kansa da kansa. Yanzu gemunsa ya fara furfura, yana da mata, Sharifa, da 'ya'ya huɗu da babur ɗin da sai an roƙe shi yake tashi. Aikinsa kula da na'urorin wata ƙaramar ƙungiya da ke gargaɗin ambaliya a ƙauyukan bakin kogi.

Tsarin ba shi da wuyar faɗa. A kowane ƙauye an kafa turke mai farantin sola, da ma'aunin ruwa, da rediyo, da jiniya. Turken yana aiko tsayin ruwa zuwa ofis a Minna. A ofis akwai wani akwati mai ruwan toka, an liƙe shi da hatimi, shi ke karɓar saƙo, shi ke yanke hukunci, shi ke aika wa jiniya umarnin ta yi kuka. Kamfanin da ya ƙera akwatin ya daɗe da rushewa. Allunan lantarkin da ke cikin turakun kuwa wani ɗan kwangila ne ya haɗa su a nan gida, ya karɓi sallama, ya tafi ƙasar waje, lambar wayarsa yanzu wata mai sayar da atamfa ke ɗauka.

Turke na ƙarshe da Muttaka ya kafa yana Tungar Nma ne, can bayan Kuta, inda sai da rakiyar jami'an tsaro ake zuwa, kuma waya ba ta shiga. Al'adar ofis ce a ba kowace tasha lamba bisa shiyya: na shiyyar Shiroro duk da sha biyu suke farawa. Ta biyar tana nan a takarda ba a taɓa kafa ta ba, don haka Tungar Nma ta zama ta shida, 126. Muttaka da hannunsa ya shigar da lambar. Bai samu ya gwada ba, domin ranar babu wuta a ofis, masu rakiya kuma suna ta danna hon.

Wani tsoho masunci, Baba Ndaceko, shi aka damƙa wa gadin turken. Ya daɗe yana kallon jiniyar, sannan ya ce, "Malam, mu da can sanda muke kafawa a bakin ruwa, mutum ɗaya ya zauna yana duba. Yanzu mun daina?"

"Ku daina, Baba. In ruwa ya taso, wannan za ta gaya muku kafin ya iso shinkafarku."

"Kai ka faɗa?"

"Ni na faɗa."

Tun daga ranar tasha ta 126 ba ta ce uffan ba. A allon ofis layinta fari fat. Da farko an ce matsalar sabis ce, domin a ofishin nan ko fanka ta tsaya sabis ake zargi. Sauran tashoshin ma sukan ɓatar da saƙo jefi-jefi, ba wanda ya taɓa tambayar dalili. Amma Muttaka ya lura da wani abu: duk lokacin da ya kamata Tungar Nma ta yi magana, fitilar rediyon ofis tana ƙiftawa. Wato saƙo yana isowa. Akwatin ne ke karɓa ya zubar.

Damina ta yi nisa kafin ya samu ya laƙa kwamfutarsa a jikin wayar da ta haɗa rediyo da akwati, ya ga abin da ke wucewa. Sannan ya je ya ƙwanƙwasa wa Madam Rachael, shugabar ofis, injiniyar ruwa, mace mai haƙuri, mai Hausar kasuwar Minna.

"Madam, tashar lafiyarta lau. Sunanta ne ke kashe ta."

"Muttaka, zauna. Yi mini bayani kamar ni yarinya ne."

Ya ja takarda. Ya ce abin da ke bin waya ba kalmomi ba ne, sifili ne da ɗaya suna tafe a jere, babu waƙafi babu aya. To ta yaya mai karɓa zai san inda saƙo ya fara da inda ya ƙare? Sai aka ware wata alama guda, ana ce mata tuta: sifili, ɗaya guda shida, sifili. Ana kafa ta a gaban saƙo, a kafa ta a bayansa. Akwati ya ga tuta, ya buɗe kunne. Ya sake ganin tuta, ya ce an gama.

"To in cikin saƙon akwai abu mai kama da tuta fa?" in ji ta.

"Nan ne gizon yake, Madam. Rediyo tana da dabararta. In tana aikawa ta ga ɗaya guda biyar a jere cikin saƙo, sai ta cusa sifili a bayansu ko ana so ko ba a so. Ta wancan gefen in ta ga ɗaya biyar da sifili, ta cire sifilin ta jefar. Ke nan ba za a taɓa ganin ɗaya shida a jere ba sai a tutar gaskiya. Shi ya sa saƙonmu ke ƙetare daji da duwatsu ya iso nan babu ko ƙwarzane."

"Amma?"

"Amma a wannan guntuwar wayar, daga rediyo zuwa akwati, ba ɗaiɗai ake ƙirga ba, takwas-takwas ake ɗauka, bayit ke nan. Nan dabarar daban ce. In lambar tuta ta faɗo cikin saƙo, mai aikawa zai sa mata ɗan rakiya a gaba, lamba 125, ya kuma sauya mata kama ta koma 94. Akwati ya ga ɗan rakiya, ya cire shi, ya mayar da ta baya yadda take. Shi kansa ɗan rakiyan in ya faɗo cikin saƙo haka ake masa. Mutuminmu da ya haɗa allunan ya sa tuta gaba da baya, ya manta da ɗan rakiya. Rediyo kuwa abin da aka ba ta shi take kawowa."

"Tutar nan, lamba nawa ne?"

Muttaka ya sosa gemu. "Ɗari da ashirin da shida."

Madam ta cire tabarau ta ajiye.

Abin da ke faruwa ke nan: tashar ta ɗaga tuta, ta faɗi sunanta, akwati ya ɗauka sabuwar tuta ce, ya fara karatu daga nan. Ragowar ta zo babu suna, lissafin tantancewa na ƙarshen saƙo bai daidaita ba, ya watsar. Sauran tashoshin sai ruwa ya taka irin waɗannan lambobi suke ɓata. Ita kuwa Tungar Nma duk buɗe bakinta da shi take farawa.

Maganin na minti kaɗan ne: a je da kwamfuta a sauya lambar. Aka rubuta neman rakiya, aka ce hanya ba ta da kyau, a jira. Muttaka ya ce zai iya haɗa ɗan allo ya sa tsakanin rediyo da akwati; tunda saƙonnin duk tsawonsu ɗaya ne, allon zai ƙirga ya gane iyaka, ya sa ɗan rakiya inda ya dace. Madam ta ce masu ba da tallafi sun hana a jona komai a jikin akwatin sai da izini daga Abuja. Ta nema. Abuja ta ce tana dubawa. Muttaka ya ba wani direban Kuta saƙon baki a gaya wa Baba Ndaceko su koma kafa sanda. Direban ya ce in ya ga ɗan Tungar a kasuwa zai faɗa, bai sake bi ta kan maganar ba.

Sai Muttaka ya koma shi ne akwatin. Kullum yana gaban kwamfuta yana tsintar saƙon Tungar Nma da ido, yana juya lambobi zuwa santimita. Sharifa ta ce ko a gida in ta yi masa magana sai ya jira kamar yana neman inda ta ƙare. Ya haɗa allon duk da haka, ya ajiye a aljihun tebur tare da cokalinsa.

Wata Talata aka wayi gari da ruwan sama irin wanda ba ya gaggawa. Kafin azahar lambar Tungar Nma ta fara hawa. Lokacin yankan shinkafar fadama ne, kuma Muttaka ya san inda mutanen ƙauyen suke tara dami: a kan tudun yashi, dab da ruwa. Da la'asar lambar ta wuce ma'aunin haɗari. Akwati na zaune da koriyar fitilarsa, hankali kwance.

Madam ta tsaya a bayansa tana kallon allon. Ta ce, "Wancan abu naka yana ina?"

"Abuja fa?"

"Abuja ba ya cin shinkafan Tungar Nma. Sa shi."

Ya jona. Saƙo na gaba ya shigo, kuma a karon farko layin 126 ya cika da lamba. Akwati ya yi ja, ya aika umarnin jiniya. Madam ta dafa kafaɗar kujerarsa. Suka jira tashar ta amsa cewa ta yi kuka.

Ba ta amsa ba. Ta dai sake aiko tsayin ruwa, ya ƙaru.

Muttaka ya duba abin da ya fita. Akwatin ɗan ƙa'ida ne. Da zai kira 126, sai ya sa mata ɗan rakiya kamar yadda aka koya masa: 125, sannan 94. Allon da ke turken bai san wannan ladabi ba. Ya duba gurbin suna ya ga 125, ya ce ba da ni ake ba.

"Sai na gyara ta hanyar fita ma," ya ce. "In cire ɗan rakiyan kafin ya kai rediyo."

"Zai daɗe?"

"Ban sani ba, Madam."

Ya hau rubutu, yatsunsa na kuskure yana gogewa. Wuta ta ɗauke, aka tayar da janareto. Ya ɗora gyaran, ya gwada a tebur, ya ga ya ɓata lissafin tantancewa, ya sake. Ana cikin haka lokacin saƙon tashar ya zo, fitilar rediyo ba ta ƙifta ba. Shi ya ɗaura batirin turken, ya san iya tsayin da ya ɗaura shi, in ruwa ya kai can tashar ta mutu.

Ya gama, ya jona. Akwati ya sake aika umarnin, wannan karon da sunan tsirara yadda turken zai gane. Ya sake aikawa, ya sake. Madam ta fita baranda tana kiran duk wanda ta sani a Kuta, ko akwai mai babur da zai yarda ya shiga. Muttaka ya ji tana cewa, "Ko rabin hanya ne, ɗan'uwa."

Ladan ya kira magariba. Muttaka ya yi alwala da ragowar ruwan gora, ya shimfiɗa kwali a gefen tebur, ya juya rediyon yadda in ya sallame fitilar za ta kasance a gabansa.