Fiton Baban Juwairiyya

Duk wanda ya taɓa jiran mota a tashar Bodinga da safe ya san Juwairiyya mai masa, ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar matar nan da ke juya masa tana gunguni da hanci, abu guda kullum, har direbobi suka haddace shi ba da son ransu ba. Masarta ba laifi, miyarta ma haka. Amma idan kai tsoho ne, to, ka shiga uku, don ba za ka bar bencinta ba sai ta rera maka gungunin nan ta tambaye ka ko ka san waƙar.

Abin ya samo asali ne daga mahaifinta, Muhammad Sani na Lambara, manomin albasa. Mahaifiyarta ta rasu tana ƙarama, saboda haka a bayan uban ta tashi, tana bin sa garka tana riƙe masa guga. Mutum ne mai kamun kai, ba ya fito a gida ko a gaban manya, don ya san abin da malamai ke cewa a kai. Amma da ya shiga tsakanin fangalan albasa ya fara ban ruwa, sai ya tsuke baki ya kama wani fito, shi kenan guda ɗaya tal, ba ya sauyawa. Bai taɓa sa masa kalma ba. Ta tambaye shi tana yarinya, ya ce iska ce kawai, ta je ta kore awaki.

Da ya rasu aka raba gado, 'yan'uwanta maza suka ɗauki gona da garka, ita kuwa abin da ya tsaya mata a rai fiton nan ne. Ta yanke wa kanta hukunci cewa waƙar yabo ce, irin wadda ake yi wa manyan manoma, kuma tawali'u ne ya hana Baba faɗa. Tana so ta ji kalmominta ko sau ɗaya, ta koya wa 'ya'yanta, su san jikokin wa suke. Mace ba ta yin fito, wannan ba sai an faɗa ba, shi ya sa ta mai da shi gungunin hanci.

Ta fara da gida, kamar yadda mai hankali zai yi. Ta rera wa gwaggonta Zulaihatu, ƙanwar marigayin. Tsohuwa ta saurara, ta gyara ɗaurin kallabi, ta ce, "Allah shi jiƙan Sani. Ni kunnena ya mutu, ɗiyata." Wannan kuwa tsohuwa ce da ke jin faɗuwar allura a gidan maƙwabta. Ta je wurin abokan Baba a gindin darbejiyar masallaci. Kowanne ya dubi ƙasa, aka yi wa mamaci addu'a mai tsawo, aka shafa, aka tambaye ta lafiyar maigidanta Maniru. Lambara kaf ba a samu mai tunawa ba. Juwairiyya ta dawo tana tausayin tsufa, yadda yake cinye wa mutane tunani.

Sai ta koma kasuwa. A lokacin kaset na gab da mutuwa, mai sayar da shi a Bodinga ya tambaye ta abin da kowane mai kaset ke tambaya: wa ya yi waƙar, da wane kiɗa, me aka ce a amshi. Ba ta da ko ɗaya. Ya yi ta sa mata kaset yana cirewa har batir ya yi sanyi. Bayan 'yan shekaru masu tura waƙa a memori suka gaje shi, su ma dai da suna suke nema, sai dai sun fi shi alkawari. Kowanne ya ji gunguninta sai ya ce ai yana da ita, ya cika mata waya da kiɗan fada da na dambe da na 'yan tauri. Ta aika saƙon murya wani shirin rediyo na tsofaffin waƙoƙi, aka sa, masu kira suka kawo sunayen mawaƙa daban-daban, har biyu suka yi cacar baki a kai. 'Yarta Sumayya ta kawo wata dabara ta waya wadda ake rera wa abu ta nemo shi. Waya ta yi tunani, ta kawo waƙar Indiya.

A nan ne tsoro ya kama ta. Wata safiya tana zuba ƙullu a tanda ta ji gunguninta ya karkata, ƙarshensa ya bi wata waƙar dambe da ta sha saurare. Garin neman abin, ta yi ta goga shi da na wasu har ya fara sauya kama. Ta yi kuka ranar, kuka na gaske, don ta ga Baba zai sake mutuwa a bakinta. Ta sa Sumayya ta ɗauki muryarta a waya yadda ta fi amincewa da shi, ta goge duk tarkacen memori, ta daina sauraren rediyo.

Wanda ya fara faɗa mata magana mai amfani wani makaɗin kalangu ne da ya tsaya cin masa a hanyarsa ta zuwa biki. Bai kula da muryar ba, ƙafarsa ya sa yana taka lokacin. Ya ce, "Hajiya, wanga ba namu ba ne, ya yi nauyi ga rawa. Ji inda yaka hwaɗuwa, awa saran hauya. Kiɗin noma ne. Irinsu ba a ɗauka ga kaset, wurin gayya aka yin su, a bar su nan. Ki nemi tsohon makaɗin noma, in da saura."

Da saura, amma da ƙyar. Gayya ta ja baya tun da aka koma ɗaukar 'yan ƙwadago da feshin ciyawa, makaɗanta kuma wasu sun tuba, wasu sun riga mu gidan gaskiya. An daɗe ana yi mata kwatance kafin aka ce akwai Ɗanliti a Kajiji, wanda ya yi amshi da kaɗa ƙaramar gangar kazagi a bayan ubansa tun yana saurayi. Ta bar wa Sumayya tanda, ta shiga mota zuwa Shagari, ta hau mashin.

A hanya ta yi shawarar da ba ta taɓa yi ba. Ta lura duk inda ta ambaci Baba, ta'aziyya ke cinye zaman, a tashi ba a yi maganar waƙa ba. Don haka da ta durƙusa ta gaida Ɗanliti a zaurensa, ta ajiye masa goro, sai ta ce ita mai masa ce daga Bodinga, wani tsoho ta taɓa ji yana fiton wani abu, ya tsaya mata a kunne.

Ɗanliti ya tsufa har gira ta yi fari, gangarsa na rataye fatar ta saki. Ya kife ƙwarya a gabansa ya ce ta rera. Ta rera. Ya ce ta sake, ta bar jan muryar, ta tafa hannu a inda abin ke sauka. Ya bi ta da yatsu a bayan ƙwarya, ya gyara mata wuri guda inda ya ce ta ƙara gishiri. Ya bayyana mata cewa ganga magana take yi, hawa da saukar kiɗa na bin hawa da saukar kalmomi, kuma kowane manomi da takensa, wanda in ya ji an buga ya san da shi ake. Yana cikin bayani sai yatsunsa suka riga shi ganewa. Ya tsaya, ya buɗe baki, ya fashe da dariya har da tari.

"Sani bar kuyya, bi tulu!" ya rera. "Kai, duniya! Ina kinka samo wanga? Zambo ne, ɗiyata. Babana yay yi shi ga wata gayya ta Lambara. Wani ƙato ne, Sani, anka ba shi kuyya, layinai na noma, tsakiyar maza, kiɗi ya yi zahi, kowa na ta sara. Sai 'yan mata sunka iso da ruwa. Wanga bawan Allah ya aje hauya, yat tahi shan ruwa. Ya dawo, ya koma. Ƙishi dai, ƙishi dai, kuma tulu guda yaka bi, na wata Hauwa'u. Anka tashi gayya kuyyatai na nan rabi. Shekara da shekaru ba shi shiga kasuwa yara ba su yi mishi shi ba."

Juwairiyya ta ji kamar an zare mata tabarma. Babban manomin da ta yi shekaru tana ba 'ya'yanta labarinsa, ashe abin da ƙasar Shagari ta riƙe game da shi ke nan. Ta tuna gwaggo da mataccen kunnenta, da tsofaffin gindin darbejiya. Ba wanda ya manta. Kara suka yi mata, don ba a duban 'yar mamaci a rera mata zambon ubanta. Kunya ta rufe ta, haushi ya biyo baya, na kuɗin mota da na shekaru. Can ƙasan haushin kuma wani abu ya motsa, don Hauwa'u sunan mahaifiyarta ne, wadda ko fuskarta ba ta riƙe ba, wadda Baba bai taɓa ambata ba ko da wasa.

"Ya aure ta?" ta tambaya, ko da yake ta san amsa.

Ɗanliti ya ɗago ya dube ta da kyau, tsawon nan, da goshin, duk irin na Sani. Dariyar ta bushe. Ya janye hannunsa daga ƙwarya, ya shafa gemu, ya ce, "Allah shi jiƙan maza. Sauran baitin kuwa, tsuhwa ta ci shi. Na mance."

"A'a, Baba," in ji Juwairiyya. Ta matsa ta tura masa ƙwaryar har ta taɓa gwiwarsa. "Lambara duk sun mance, kai kam ba ka isa ba. Shi da anka yi wa, shekara nawa yana busa abinai cikin albasa, bai gaji ba. Hwaɗa mini duka, har inda anka zage shi."

Tsoho ya ɗora yatsu a kan ƙwaryar. Ya rera mata yadda Sani ya sha ruwa har cikinsa na ƙara, yadda hauyarsa ta yi hamma a rana, yadda mai tulu ta ce ruwa ya ƙare amma ta ƙi tafiya. Juwairiyya na dariya hawaye na zuba a kan mayafi, tana kama amshin da baki buɗe, karo na farko da kalmomi. Da ya kai ƙarshe ta share fuska ta ce ya koma wurin mai tulu, a hankali, don ba ta taɓa jin an ce uwarta ta yi wani abu ba.