Kuɗin da aka aiko wa mamaci

Lokacin da nake aiki a sashen kuɗin waje na wani banki a Akara ta ƙasar Gana, mutanen unguwarmu Maamobi sun mai da ƙofar ɗakina ofis. Wata Asabar maƙwabciyarmu, Hajiya mai sayar da shinkafa a Kasuwar Malam Atta, ta kawo mini takardar SWIFT da ɗanta ya turo ta fakis daga Jamus, shaidar ya aiko kuɗi. Kuɗin ba su shigo ba, tana so a bi sawunsu.

Ni ba na bin sawun kuɗi sai na karanta takarda, ko da mai ita zai yi fushi. Lambar shaidar da bankin can ya ba aiken tana nan, da ita ake bincike. A gurbin caji an sa OUR, wato yaron ya ɗauki cajin duka don kada a rage wa mai karɓa komai. Sai na zo kan mai karɓa. Suna da lambar asusun na mijinta ne, wanda muka binne kafin azumi, banki kuma ya rufe asusunsa.

Na ce, “Hajiya, yaron bai sani ba?”

Ta ce ba shi da takardun zama. In ya ji zai taho, kuma ba zai iya komawa ba. Ta roƙe ni in sa sunanta.

Na ce, “Wanda ya aiko ne kaɗai ke canza suna. Kuɗin za su koma, tare da dalili. In ba ki faɗa masa ba, ma'aikacin banki zai karanta masa.”

Ta naɗe takardar, ta tambaye ni inda ake buga waya zuwa Jamus.