Matan da ba mu zana wa akwati ba

Na taɓa aikin koya wa na'ura gane abin da ke kan titi da almuru. Mukan ɗauko hotuna a Tudun Wada bayan magariba, washegari mu zauna gaban kwamfuta muna zana wa kowane abu akwati, mu rubuta sunansa: mota, keke, mutum.

Masu farar riga ba su ba mu wahala ba. Matan da ke dawowa daga islamiyya cikin baƙin hijabi kuwa, sai ka ƙara hasken hoton kafin ka gan su a gefen kwalta. Na ce wa ogammu mu riƙa ƙara hasken mu zana, sannan mu ba na'urar hoton da duhunsa.

Ya ce, "Malama, lokaci ya ƙure. Abin da ido bai gani ba, ki wuce shi."

Raina ya ɓaci, na yi ta musu amma ya ƙi, dole muka wuce matan ba akwati. Alhali ya fi ni sanin cewa duk inda babu akwati, na'ura ɗauka take babu kowa.

Ranar gwaji na'urar ta gane kowace mota, har da akuya fara. Mata uku suka tsallaka titi a gabanta, ko ɗaya ba ta gani ba.

Har yau abin yana cina. Innata ma baƙin hijabi take sawa, kuma wannan titin take bi. Mu muka koya wa na'urar cewa irinta duhu ne kawai.