Injin na banki ne har sai na sa hannu

Aji biyu na yi a sakandare aka cire ni, saboda haka ba zan yi wa kowa ƙaryar ilimi ba. Abin da na sani shi ne masara. A Yankara na girma, ina kallon masu injin sussuka suna zuwa daga wani gari duk kaka, su ja mana rai, su karɓi abin da suka ga dama, su tafi. Da na haura arba'in ba ni da komai sai gona da ciwon baya, sai na ce ni ma zan mallaki injin.

Injin miliyan ɗaya ne. Ba ni da ita. Bankin ruwa kuma ban taɓa shiga ba, don mahaifina har ya rasu bai yarda kuɗin ruwa sun shiga gidansa ba. Sai aka nuna mini wani banki a Funtuwa da ba ya ba da bashi da ruwa. Wani ma'aikacinsu, matashi mai fara'a da takalmi mai ƙyalli, ya yi mini bayanin abin da suke kira murabaha. Ba za su ba ni ko kwabo a hannu ba. Su za su sayi injin a wurin dila mai shagon injuna, sannan su sayar mini, su gaya mini nawa suka saya da nawa suka ɗora. Ribarsu dubu ɗari biyu. In biya dubu ɗari duk wata har shekara. Na sa hannu a takardar farko, wadda alkawari ce kawai cewa idan sun saya zan saya a hannunsu. Takardar cinikin kanta sai kaya sun zo.

Na dawo gida ina jin kaina. Su ashirin bisa ɗari, bankin ruwa talatin. Ga halal ga sauƙi.

Ina da taubashi a Ƙanƙara, ɗan ƙanwar mahaifina, yana aiki a ofishin kuɗi na ƙaramar hukuma. Tun muna yara ba ma haɗuwa mu rabu ba mu tsokani juna ba. Da na ba shi labari sai ya yi dariya har da buga cinya.

"Bawana, an yi maka aski ba ruwa," in ji shi.

"Ubanwa ne bawanka? Ashirin da talatin wacce ta fi?"

Ya jawo waya ya danna. Ya ce talatin ɗin bankin ruwa a kan abin da ya rage a wuyanka suke lissafa ta, kana biya bashin yana raguwa, ruwan ma yana raguwa. Miliyan ɗaya a shekara, ana biya wata-wata, ruwanta bai wuce dubu ɗari da saba'in ba. Ƙara 'yan caje-cajensu, ka ce ɗari da casa'in. Tawa ashirin ɗin kuwa a kan miliyan ɗin cur aka ɗora ta, ko da a watan ƙarshe dubu ɗari kaɗai ta rage. In aka auna ta da mudun bankin ruwa, ta haura talatin da biyar.

Ban yi barcin kirki ba. Washegari na hau mota zuwa Funtuwa na tsaya a gaban teburin matashin nan.

"Kun hi masu ruwa tsada. Mi ya sa ba ka hwaɗa mani ba?"

Bai musa ba, nan kam na yaba masa. Ya ce, "Baba, mu ba bashi muke bayarwa ba, 'yan kasuwa ne mu. Kayan namu ne kafin su zama naka, duk abin da ya same su a tsakani a wuyanmu yake. Kuma farashin da muka yanka ba ya ƙaruwa. Ko ka makara, tarar da za a ɗora maka ba ta shiga aljihunmu, sadaka ake yi da ita."

Na ce na ji. Na riƙe maganar nan kamar yadda ake riƙe akuya a kasuwa.

Masara ta bushe, mutane har sun fara tambayata yaushe injin zai iso. Ran kasuwar Yankara sai ga matashin, ya zo wani aiki, da takardar ciniki a jaka. Ya ce an biya dila, gobe za a loda, in sa hannu yanzu ya huta dawowa, ai na san yadda hanyarmu take.

Na ce, "Ina injin?"

"Yana Funtuwa, Baba. Gobe-goben nan."

"To gobe-goben nan sai in sa hannu. Ban taɓa sayen rago ban taɓa ƙugunsa ba."

Ya yi murmushin da ake yi wa ɗan ƙauye, ya tafi.

Direban da suka ɗauko ya makara a lodi, kuma ba mai son magariba ta same shi a hanyar nan. Ya yi ta gudu, ya faɗa wani rami, igiya ta tsinke, injin ya kife a bayan mota. Da aka sauke shi a ƙofar gidana gangar da ke ɓare masarar ta lanƙwashe, murfin ya tsage.

Da safe matashin ya kira. Muryarsa ta canja. Wai in sa hannu tukuna don takardu su tafi daidai, sai a san yadda za a taimaka mini da gyara.

"A taimaka mani? Injin wa ya hwashe?"

"Baba, ai don kai aka saye shi."

"Don ni aka saye shi, amma ba ni na saye shi ba. Kai ka ce ku 'yan kasuwa ne. Ɗan kasuwa ba ya kawo mani tulu a hwashe ya ce in biya. Ranar cin riba kuna 'yan kasuwa, ranar asara ku koma masu ba da bashi? Ku zaɓi guda."

Mutane suka yi ta ba ni baki. Maƙwabcina ya ce in karɓa in kai wa mai walda, kaka na wucewa. Matata kuwa na ga tana kallon injin tana kallon masararmu da ke jibge. Ni ma ina gani. Kowace safiya injin wani ke kuka a gonakin da na sa rai. Amma na san in na sa hannu, shekara guda zan yi ina biyan kuɗin sabon abu a kan gurgu. Na lulluɓe shi da tamfol, na hana kowa taɓa ko ƙusa ɗaya.

Na koma Funtuwa na zauna a benci na ce sai na ga manaja. Dattijo ne, bai ja magana ba. Ya tambaya ko an sa hannu a takardar ciniki. Aka ce a'a. Ya dubi matashin ya ce to kayan banki ne, a je a ɗauko. Yadda suka ƙare da dila da direba da masu inshorarsu, ban tambaya ba, ba ruwana.

Sabon injin ya iso bayan rabin kaka ta wuce. Na sa aka tayar da shi, aka zuba kwando guda na masara, na ga tsaba na zuba fes, sannan na karɓi biro. Matashin bai yi murmushi ba ranar.

Shekarar ta yi mini wuya. Aikin da na rasa ba wanda ya biya ni, wata biyu sai da na sayar da awaki na cika dubu ɗarin. Na biya su miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, ba ragi ba ƙari.

Har yau taubashina in ya gan ni sai ya ce, "Ga mai halal mai tsada." Lissafinsa daidai ne, ban taɓa cewa ba daidai ba ne, kuma duk wanda ya tambaye ni ina gaya masa ya auna da mudu ɗaya kafin ya yi murna. Amma nakan ce masa da bashin ruwan na ci, da kuɗin na hannuna, da ni na biya dila, da injin da ya kife nawa ne tun daga ƙofar shago. Sai ya ce ai sa'a na yi. Ba sa'a ba ce. An miƙo mini biro sau biyu na ƙi karɓa.