Ledar Fiya Wata Ɗaya

Shekarar da soja suka koma bariki yayana ya fara kumburin ƙafa. Tela ne a Gyaɗi-Gyaɗi, lokacin ɗinkin 'yan siyasa ya yi masa yawa, sai muka ce zaman keke ne. Da aka kai shi asibiti likita ya ce ciwon ƙoda mataki biyar ne, na farkon ba sa ko nuna alama, shi kuma hawan jini ya riga ya kai shi na ƙarshe. Sai wankin ƙoda.

Inna, mahaifiyarmu, ta yi hamdala. A ganinta abin da aka wanke ai ya fita fes.

Wata nas 'yar Kudancin Kaduna ta zaunar da mu. Ta ce, "Mama, jini injin ke wankewa, ƙodar ba za ta tashi ba." Kada ruwa ya taɓa bututun da aka sa masa a wuya. A rage gishiri, ban da kanwa da dunƙule. Ayaba, lemo da dabino suna tara wani sinadari mai tsayar da zuciya. Sai ta ɗaga ledar fiya wata. "Ku auna fitsarinsa na jiya, ku ƙara wannan leda ɗaya. Iyakar ruwansa na yini ke nan. Koko ruwa ne, shayi ruwa ne, miya ma haka."

Ni na zama 'yar sandan gidanmu na Tarauni, kuma ban iya lallashi ba. Na ɓoye moɗa, na yi faɗa da 'yan dubiya masu kawo kankana. Leɓensa ya tsattsage. Yana tsotsar ƙanƙara yana ce mini, "Ƙanwata, ko fursuna ana ba shi ruwa." Na tsani kaina, na tsani ledar nan.

Inna ba ta taɓa ba shi ruwa ba, wannan na shaida. Rubutu take ba shi, kwano guda safe da yamma, idan na tafi makarantar da nake koyarwa ko na ɗan fita. Ranar da na gan ta, ta ce, "Ke, wannan ba ruwa ba ne, ayar Allah ce." Na ce, "Inna, a rubuta kaɗan, a wanke da cokali biyu." Ta dube ni kamar na yi saɓo.

A wannan satin injin asibitin ya lalace, aka ɗaga wankinsa. Kwanciya ta gagare shi, sai a zaune yake numfashi, ƙirjinsa na ƙara kamar tukunya a wuta. Ya cika muna ƙofar asibiti.

Wajen zaman makoki wata maƙwabciya ta tambayi me likita ya ce. Na ce ruwa ne ya cika masa huhu. Inna ta ɗago kai.

"Wane ruwa?" ta ce. "Yaron nan da ƙishirwa ya tafi."