Siddo da batir biyu na surukinsa

A Gaya, wanda zai sayi tsohon batir yakan fara biyawa ta rumfar Siddo, a bayan tasha. Siddo ya koyi aikin wuta tun yana saurayi, a hannun wani tsohon makaniki na Malanbil, a zamanin da ake rubuta ranar zuba wa batir ruwa a littafi, da alƙalami, a ja layi da rula. Makanikin ya daɗe da rasuwa, amma ɗabi'arsa tana nan. Siddo bai taɓa cewa batir yana da kyau ba sai ya kwana a rumfarsa.

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki, aka yanke kuran, wato wutar lantarki, da ke zuwa daga Najeriya, aka kuma rufe gadar Malanbil. Wuta ta koma zuwa yadda ta ga dama. Sai tsofaffin batura suka fara ƙetaro kogi cikin kwalekwale, tare da ondiler, na'urar nan da ke mai da wutar batir irin ta gida. Kowa ya zama dillalinsu, har da Halidu, mijin Jamila, ƴar Siddo ta fari.

Wata Talata da hantsi Bibata mai tuyar kifi ta iso rumfar, Halidu na biye da ita da amalanke. Mijinta Alfari yana da ciwon sukari, allurarsa kuwa ba ta jure zafi. Sau ɗaya firigo, wato firjin da ake ajiye ta, ya yini biyu ba wuta, maganin ya lalace, Alfari ya yi kwana shida a asibiti. Shi ya sa ta sayar da santa ɗaya tilo za ta sayi batir da ondiler, don kada hakan ya sake faruwa.

"Baba Siddo, ga kayan surukinka," in ji ta. "Ni na riga na zaɓa. Wancan mai ƙyalli nake so. Ka sa mana albarka kawai."

Ban da ondiler ɗaya, batura biyu ne a amalanken, kowanne an rubuta masa ƙarfinsa, amfe ɗari. Ɗaya fes, da sabuwar takarda a jiki. Ɗayan duk ƙura, hannunsa ɗaya ya tsinke. Halidu ya durƙusa ya gaishe da surukinsa, kansa a ƙasa, sannan ya ɗora ma'auni a kan mai ƙyallin.

"Bolt goma sha uku, Baba. Haka mai kwalekwalen da ya sayar mini ya nuna mini a bakin ruwa."

Siddo ya dafa batir ɗin, ya ji ɗumi. Bai daɗe da sauka daga caji ba ke nan, kuma ko mataccen batir yakan nuna sha uku a irin wannan lokaci. Ya shafa gefensa, ya ji ya ɗan kumbura. Ya ɗaga bakin sabuwar takardar da farce, ya ga an kankare ranar ƙira. A gindin ƙarfen da ake ɗaura waya akwai sauran farin gari da aka goge bai fita duka ba.

A nan wahalar take. Tun da aka ɗaura auren Jamila, Siddo bai taɓa kiran sunan Halidu ba, bai taɓa cin abinci a gabansa ba, balle ya ce masa kayansa ruɓaɓɓe ne a gaban mai saye. Ga kuma Alfari kwance a gida. Siddo ya kalli bango, kamar da shi yake magana.

"A bar su su kwana. Duka biyun."

"Har kayan gida, Baba Siddo?" in ji Bibata tana dariya. "Halidu, ashe ko kai ba ka tsira ba."

Ya cika su da panonsa, farantin nan mai jan wutar rana, har caji ya daina shiga, ya cire waya, ya rufe rumfa.

Kafin bakwai na safe suka dawo. Mai ƙurar ya nuna sha biyu da ɗigo bakwai, mai ƙyallin sha biyu da ɗigo huɗu. Halidu ya yi murmushi, don a ganinsa tazarar ba ta kai ta magana ba. Siddo ya ɗauko katakai biyu, kowanne da ampul biyu, wato ƙwan fitilar mota. Ya haɗa wa kowane batir nasa, fitilu huɗu suka kama. Sannan ya kwance agogonsa ya ajiye a kan benci tare da alli, daidai inda hannun Halidu zai kai.

"Bibata," ya ce, "ampul biyun nan suna jan amfe kusan goma. Sabon batir na amfe ɗari zai riƙe su awa takwas, ko tara, kafin ya sauka zuwa bolt goma da rabi. Nan ake tsayawa. Idona ya yi rauni. Da za a sami mai rubuta mini lamba kowane rabin awa, da na gode."

Halidu ya ɗauki allin.

Kafin lokaci ya yi, Siddo ya juya kan ondiler. Ya shinshina ramukan iskarsa, ba ƙaurin ƙuna. Ya duba kusoshin murfin, ba wanda aka taɓa kwancewa. Ya haɗa shi da batir ɗin rumfa, ma'auni ya nuna bolt ɗari biyu da ashirin, daidai wutar gida. Ya sa masa ƙaramin firigon mai shayi na kusa, wanda ya yi girma ɗaya da na Bibata, domin lokacin tashin injin firigo ne raggon ondiler yake kuka ya mutu. Injin ya tashi, fanka ta juya, ba abin da ya yi zafi.

"Wannan lafiyayye ne," in ji shi.

Takwas da rabi fitilun mai ƙyalli suka fara ja. Halidu ya auna, ya rubuta, ya sake aunawa. Tara saura kwata ya tsaya da alli a hannu.

"Bolt goma da rabi, Baba."

"Awa nawa ke nan?"

"Biyu ba kwata." Ya yi lissafi da leɓe. "Bai kai amfe ashirin ba. Mai kwalekwalen nan ya cuce ni."

"Kai ka faɗa," in ji Bibata. "Ni da na kusa kai wa Alfari gawa mai sabuwar riga!"

Siddo ya cire wayar, ya ci gaba da gyaran wata rediyo.

Mai ƙurar kuwa ya ƙi gajiya. Bibata ta je ta soya kifinta ta dawo, fitilunsa na ci. Aka yi azahar, suna ci. Sai biyu da rabi Halidu ya rubuta lambar ƙarshe a ƙasan dogon layin da ya cika allon. Awa bakwai da rabi, amfe saba'in da ƴan kai.

Siddo ya mai da shi caji nan take, don batir ba ya son zama fanko. Ya ɗaure masa hannu da igiya.

"Wannan za ki ɗauka gobe, in ya cika. Firigo kaɗai, da ampul ɗaya. Ban da dutsen guga. Kada ki bari ya sauka ƙasa da sha biyu, kuma da kuran ya dawo ki sa shi caji. Zai riƙe miki maganin daga safe har magariba."

"Mummunan?"

"Shi."

Halidu ya ɗora mai ƙyallin a amalanke zai kai wa masu sayen darma. A bakin rumfa ya tsaya, ya durƙusa, ya tambayi ƙasa ko ana sayar da irin katakon nan mai ampul. Siddo ya ɗauki ɗaya ya jingina a jikin amalanken, ya gaya wa bango cewa katakon ya daɗe yana tare masa wuri.